Dunƙulalliyar Ƙa'idar Sauri da Wa'adin Rabi wajen Warware Lissafin Zaizayewa mai Daraja ta Ɗaya

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda ake warware lissafin zaizayewa mai daraja ta ɗaya, a sauyin sinadarai da kuma rugujewar ƙwayoyin zarra masu fitar da tururin nukiliya. Ta nuna cewa ƙa'ida guda ce ke ɗauke da dukkan lissafin, kuma wa'adin rabi ya fi amfani a matsayin ma'aunin tantance amsa fiye da hanyar samo ta. An bi misalai uku dalla-dalla, aka fito da kurakuran da ke aukuwa da alamomin gane su.

1.0 Gabatarwa

Ana cewa zaizayewa tana da daraja ta ɗaya idan saurin raguwar abu ya dogara kai tsaye ga yawan abin da ya rage a wannan lokacin. Idan abin ya ragu zuwa rabi, saurin ma sai ya koma rabi. Tambayoyin da ake yi a kan irin wannan zaizayewa ba su wuce uku ba: nawa zai rage bayan wani lokaci, yaushe zai sauka zuwa wani adadi, da kuma mene ne tsayayyen adadin sauri, wato k, idan aka auna abin a lokuta daban-daban.

Ɗalibai da dama sun iya raba adadi biyu sau uku ko sau huɗu, amma da zarar lokacin da aka ba su bai faɗa daidai kan wa'adin rabi ba sai lissafi ya cije. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa dunƙulalliyar ƙa'idar sauri tana amsa tambayoyin nan uku ba tare da wannan cikas ba, tare da bayyana sharuɗɗan da sai sun cika kafin a amince da amsar da ta bayar.

2.0 Waiwaye kan Ayyukan Magabata

A shekarar 1850 Ludwig Wilhelmy ya bibiyi yadda sukari ke rabewa a cikin ruwa mai asid, ya gano cewa saurin rabewar yana tafiya da yawan sukarin da ya saura, ya kuma rubuta hakan a lissafe. Harcourt da Esson sun faɗaɗa wannan hanya a Oxford cikin shekarun 1860, sannan van 't Hoff ya tsara fannin a littafinsa na 1884.

Ta ɓangaren nukiliya kuwa, Becquerel ya gano tururin da yuraniyam ke fitarwa a 1896. A 1900 Ernest Rutherford ya lura cewa ƙarfin wata iska da ke fita daga toriyam yana raguwa zuwa rabi cikin kusan minti ɗaya. Iskar ita ce radon-220, wadda wa'adin rabinta ya kai daƙiƙa 55.6. Shi da Frederick Soddy, a Jami'ar McGill tsakanin 1902 da 1903, suka tabbatar da cewa ƙwayoyin zarra ne ke rikiɗewa zuwa wasu, kuma rikiɗewar na bin lissafi iri ɗaya da na Wilhelmy. A 1949 Willard Libby ya juya ƙa'idar ta zama agogon auna shekarun tsofaffin abubuwa da kabon-14.

Akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe daga waɗannan ayyuka. A sauyin sinadarai, k yana canzawa da zafi, sau da yawa canji mai yawa, don haka ba a ambatonsa ba tare da ambaton zafin ba. A rugujewar ƙwayar zarra kuwa, zafi da matsin da ake samu a ɗakin gwaji ba sa yi masa tasirin da za a damu da shi. Wannan ne ya sa agogon nukiliya ya zama abin dogaro.

3.0 Hanyar Nazari

An samo ƙa'idar ta hanyar kalkulas, sannan aka gwada ta a kan misalai. Ƙimomin k da wa'adin rabi waɗanda aka sani ne a fannin. Adadin farawa a misalai biyu na farko da ƙidayar da ke sashe na 4.3 kuwa an tsara su ne don bayani. A ko'ina N yana nufin yawan abin da ya rage, N₀ yawansa a farko, t kuma lokaci.

Ƙa'idar sauri tana cewa:

```
-dN/dt = kN
```

Idan aka tattara N a gefe guda, t a ɗaya gefen, aka dunƙule daga farko zuwa lokaci t, za a samu:

```
ln(N₀/N) = kt
N = N₀ e^(-kt)
```

Layukan biyu magana ɗaya suke yi. Na farko ya fi sauƙi idan lokaci ake nema, na biyu kuma idan abin da ya rage ake nema. Wa'adin rabi shi ne lokacin da N ya zama rabin N₀, wanda ke bayar da:

```
t½ = ln 2 / k = 0.693 / k
```

Abubuwa biyu ne suka fito fili a nan. Na farko, N₀ bai bayyana a lissafin wa'adin rabi ba, ke nan kilo goma da giram ɗaya lokaci guda suke ɗauka kafin kowanne ya koma rabinsa. Na biyu, kason N₀/N kaɗai ƙa'idar ke buƙata. Saboda haka ana iya sanya kaurin sinadari, ko nauyi, ko matsin iska, ko ƙidayar na'ura, muddin ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi sama da ƙasa, kuma abin da aka auna yana tafiya kai tsaye da N.

4.0 Nazari

4.1 Sauyin sinadari da kurakurai biyu

Iskar saikulofurofen tana rikiɗewa zuwa furofin, dukkansu C₃H₆, ta hanya mai daraja ta ɗaya. Ƙimar k da ake bayarwa a zafin 500 °C ita ce 6.7 × 10⁻⁴ s⁻¹. A ɗauka an fara da kauri 0.40 M, ana son sanin abin da zai rage bayan minti 20.

Kafin a taɓa tambayar, ya dace a fara fitar da wa'adin rabi. An raba 0.693 da 6.7 × 10⁻⁴, aka samu daƙiƙa 1034, wato kimanin minti 17. Tun da minti 20 ya ɗan zarce wa'adi ɗaya, amsar tilas ta kasance ƙasa kaɗan da 0.20 M. Da wannan hasashe a hannu sai a shiga lissafi:

```
t = 20 × 60 = 1200 s
kt = 6.7 × 10⁻⁴ × 1200 = 0.804
N = 0.40 × e^(-0.804) = 0.179 M
```

Amsar ta dace da hasashen. Wanda ya manta bai mayar da minti zuwa daƙiƙa ba zai samu kt = 0.0134, amsarsa ta zama 0.395 M, kamar dai babu abin da ya faru. Lissafinsa ba zai nuna masa kuskuren ba, domin kowane mataki daidai yake a kan na'ura. Hasashen da aka yi da wa'adin rabi ne kaɗai zai tona shi. Sharaɗin shi ne kt ya fito adadi tsura marar ma'auni, wanda ba zai yiwu ba sai ma'aunin lokaci ya zama ɗaya a k da t.

Kuskure na biyu daga karatun tambaya yake tasowa. Idan aka ce yaushe kashi 90 cikin ɗari zai rikiɗe, abin da ya rage kashi 10 ne, kuma shi ne N. Don haka ln(100/10) = 2.303, aka raba da k, aka samu daƙiƙa 3437, kimanin minti 57. Wanda ya sanya 90 a matsayin N zai samu daƙiƙa 157. Nan ma wa'adin rabi ya isa alƙali: ba zai yiwu kashi 90 ya ƙare cikin ƙasa da minti uku ba alhali rabi kawai na buƙatar minti 17. Yana da kyau a riƙe cewa raguwa zuwa kashi ɗaya cikin goma tana cin wa'adin rabi 3.32 a kowace zaizayewa mai daraja ta ɗaya.

4.2 Aidin-131: lokacin da bai faɗa kan wa'adi ba

A rugujewar nukiliya ba a ƙirga ƙwayoyin da suka rage kai tsaye. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin aiki, A, wato yawan ƙwayoyin da ke rugujewa a daƙiƙa guda. Ma'auninsa bekarel, rugujewa ɗaya a daƙiƙa. Tun da A = kN, kason A₀/A daidai yake da N₀/N, ƙa'idar kuma ba ta canza ba.

Aidin-131, wanda ake amfani da shi wajen jinyar cututtukan ƙwayar maƙoshi da ake kira tairod, yana da wa'adin rabi na kwana 8.02. A ɗauka an auna kwalba aka samu 400 MBq, amma ba za a yi amfani da ita ba sai bayan kwana 5.

```
k = 0.693 / 8.02 = 0.0864 (a kwana)
kt = 0.0864 × 5 = 0.432
A = 400 × e^(-0.432) = 260 MBq
```

A irin wannan wuri ne masu dogaro da rabawa biyu kaɗai ke faɗawa tarko. Sukan ce tun da 200 MBq ke tafiya cikin kwana 8.02, to kwana 5 zai tafi da kusan 125, ya bar 275. Wannan lissafi ya ɗauka cewa raguwar tana tafiya da sauri ɗaya daga farkon wa'adi zuwa ƙarshensa. Ba haka take ba. A kwanakin farko ƙwayoyin sun fi yawa, don haka rugujewar ta fi sauri. A ranar farko kusan 33 MBq ke tafiya, a rana ta takwas kuwa kusan 18 kawai. Bambancin 275 da 260 ya kusa kashi 6 cikin ɗari, kuma kullum gefe ɗaya kuskuren ke karkata: a tsakanin wa'adi biyu, wannan hanya tana nuna abin da ya rage fiye da yadda yake. A lissafin magani wannan na nufin majinyaci zai samu ƙasa da abin da aka rubuta masa.

Idan tambayar ta koma yaushe kwalbar za ta sauka zuwa 1 MBq, layin farko na ƙa'idar ake ɗauka. An samu ln(400/1) = 5.99, aka raba da 0.0864, ya bayar da kwana 69. Tantancewa: rabawa biyu sau takwas tana kai 400 zuwa 1.56, sau tara kuma zuwa 0.78, ke nan amsar tana tsakanin kwana 64 da 72.

Akwai wuri guda da kaso bai wadatar ba, shi ne inda ake son sanin N kansa. A nan tilas k ya kasance a daƙiƙa, domin bekarel a daƙiƙa ake ƙirga shi. Kwana 8.02 daƙiƙa 692,928 ne, wanda ya sa k ya zama 1.00 × 10⁻⁶ s⁻¹. Don haka 400 MBq na nufin ƙwayoyin zarra 4 × 10¹⁴, nauyinsu bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na giram ba. Wannan adadi yana da ma'ana ta daban. Ƙwaya guda ba ta da ranar rugujewa. Abin da k ke nunawa shi ne yiwuwar ta ruguje cikin ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma tsohuwar ƙwaya da sabuwa yiwuwarsu ɗaya ce. Ƙa'idar tana fita sumul ne saboda yawan ƙwayoyin. Da ƙwayoyi ashirin ne kawai, ba za a yi mamaki ba idan takwas ko goma sha uku suka rage bayan wa'adi ɗaya.

4.3 Tantance daraja da matsalar tururin muhalli

Duk abin da ya gabata ya ginu a kan cewa zaizayewar mai daraja ta ɗaya ce. Idan daga gwaji aka samo alƙaluma, sai an tabbatar da hakan. Ana zana ln N a kan t; idan darajar ɗaya ce, miƙaƙƙen layi zai fito, gangarensa kuma −k ne. Hanya mafi sauri ita ce duba wa'adin rabi a jere. A daraja ta ɗaya ba ya canzawa. A daraja ta biyu kowane wa'adi yana ninka wanda ya gabace shi, a daraja ta sifiri kuma kowane wa'adi rabin wanda ya gabace shi ne.

Sai dai layi na iya lanƙwashewa ba don darajar ta sauya ba. Na'urar Geiger tana ƙirga tururin da ke cikin muhalli, daga ƙasa da bango da sararin samaniya, ko da babu komai a gabanta. A ɗauka wani abu yana bayar da ƙidaya 800 a minti, wa'adin rabinsa minti 10, muhalli kuma yana ƙara 40. Abin da na'ura za ta nuna duk bayan minti goma shi ne:

```
t:   0    10   20   30   40   50
A:  840  440  240  140   90   65
```

Daga 840 zuwa 440 kusan rabi ne, ba za a ga aibu ba. Amma daga 90 zuwa 65 raguwar ba ta kai kashi 30 cikin ɗari ba. Wanda ya ɗauki karatun farko da na minti 40 zai samu ln(840/90) = 2.23, wanda ke bayar da wa'adin rabi na minti 12.4. Wanda ya fara cire 40 daga kowane karatu zai samu ln(800/50) = 2.77, wa'adin ya fito minti 10 cif. Alamar wannan matsala ita ce layin ya miƙe a farko, sannan ya kwanta a ƙarshe. Irin wannan kwanciya tana aukuwa kuma idan samfurin ya ƙunshi abubuwa biyu masu wa'adi daban-daban, ko kuma abin da ya ruguje ya haifar da wani mai fitar da tururi. Na ƙarshen yana buƙatar lissafin da Harry Bateman ya fitar a 1910, ƙa'ida guda ba ta isa ba.

A ra'ayin wannan maƙala, fitar da k daga karatu biyu kacal aiki ne na jarrabawa. A ɗakin gwaji bai kamata a karɓe shi ba, domin maki biyu kullum suna kan miƙaƙƙen layi, ko da ƙa'idar ba ta dace da abin da ake aunawa ba. Haka kuma kuskuren ƙidaya kusan tushen murabba'in adadin da aka ƙirga ne: ƙidaya 10,000 tana da kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari, ƙidaya 100 kuwa kashi goma. Karatun ƙarshe-ƙarshe su ne mafi rauni, bai dace a ba su nauyi ɗaya da na farko ba.

4.4 Kwalekwalen Dufuna da iyakar ƙa'idar

A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a kusa da Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. An tono shi a 1994, tsawonsa ya haura mita takwas. Ɗakunan gwaji biyu sun auna kabon-14 na itacensa, suka bayar da shekara 7264 ± 55 da 7670 ± 110. Duk da haka ana cewa kwalekwalen ya kai shekara 8000 ko fiye. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma tana koyar da abu mai muhimmanci game da ƙa'idar.

Bishiya mai rai tana ɗaukar kabon daga iska, har da ɗan kabon-14 da ke ciki. Da aka sare ta ɗauka ta tsaya, zaizayewa kuma ta ci gaba. Libby ya yi aiki da wa'adin rabi na shekara 5568. Daga baya aka auna shi da kyau, a 1962 aka amince da 5730. Amma don kada sababbin rahotanni su saɓa da tsofaffi, ɗakunan gwaji sun ci gaba da bayar da sakamako da ƙimar Libby, suna ƙirgawa baya daga shekarar 1950. Idan F shi ne kason kabon-14 da ya rage:

```
t = 8033 × ln(1/F)
```

Adadin 8033 shi ne 5568 da aka raba da ln 2, wato 1/k. Juya lissafin baya yana nuna cewa shekara 7264 na nufin F = 0.405, ke nan kusan kashi 40 cikin ɗari na kabon-14 ya saura a itacen. Wannan ya dace da hankali, domin an wuce wa'adi ɗaya, ba a kai biyu ba. Idan aka yi amfani da 5730, 1/k zai zama 8267, shekarun kuma su koma kimanin 7480. Ɗaya sakamakon zai koma kimanin 7890.

Har yanzu da sauran tazara, kuma ba daga k take ba, daga N₀ take. Lissafin ya ɗauka cewa yawan kabon-14 a iska bai taɓa canzawa ba, alhali yana hawa da sauka gwargwadon ƙarfin maganaɗisun duniya da yanayin rana. A zamanin da aka sassaƙa kwalekwalen, iskar ta fi ƙunsar kabon-14 fiye da ma'aunin da ake kwatantawa da shi, don haka itacen ya fara da N₀ mafi girma, ya kuma bayyana kamar bai kai shekarunsa ba. Ana gyara wannan da zoben shekara na itatuwan da aka san shekarunsu ɗaya bayan ɗaya. Bayan gyara ne sakamakon biyu ke komawa tsakanin shekara 8000 da 8500. Wanda zai yi wannan gyara kuwa da adadin Libby zai shiga jadawalin gyaran, domin an riga an saka bambancin wa'adin a ciki. Idan ya fara sauyawa zuwa 5730 ya yi gyara sau biyu.

Iyaka ta ƙarshe ita ce gurɓata. A ɗauka kashi ɗaya cikin ɗari na kabon da ke samfurin sabo ne, daga saiwar tsiro ko ruwan ƙasa. A itacen Dufuna F zai tashi daga 0.405 zuwa 0.411, wanda zai rage kimanin shekara 120. Ana iya jure wannan. A samfurin da ya kai shekara 40,000 kuwa, F na asali 0.0069 ne kawai, gurɓatar za ta kai shi 0.0168, sakamakon ya fito kimanin shekara 32,800. Gurɓata iri ɗaya ta cinye shekara fiye da 7000. Dalilin yana cikin logaridim ɗin kansa: kuskuren lokaci yana tafiya da kuskuren F da aka raba da F, don haka yana girma yayin da F ke ƙanƙancewa. Bayan wa'adin rabi tara, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba, kuma a nan ne, wajen shekara 50,000, kabon-14 ke daina bayar da amsar da za a dogara da ita. Abin da ya girmi haka sai a nemi agogo mai dogon wa'adi, kamar yuraniyam-238 mai shekara biliyan 4.47, wanda ake auna shekarun duwatsu da shi.